Sau Uku a Rana

Ranar da Baba ya yi tawaye, Auta na tsaye a kansa da waya a hannu, tana cewa ya sake.

"Baba, ka ɗan ɗago fuska. Ka ce, 'Kada ku wuce, ku tsaya ku ga wannan!' Da ƙarfi, da fara'a."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. Kan keken ɗinki na gabansa a kwance, ya buɗe masa ciki, hannunsa duk baƙin mai.

"Wa zan ce wa kada ya wuce? Mai wucewa ya wuce mana. Na tare masa hanya ne?"

"Haka ake yi, Baba. Sauran guda ɗaya kawai, na dare."

"Na dare." Ya maimaita a hankali. "Na rana, na yamma, na dare. Sau uku a rana kamar maganin likita. Shi ma maganin ai yana ƙarewa."

Ya ajiye sukudireba, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya jawo tsohon zanen da yake rufe keken da shi ya lulluɓe. Auta ta yi dariya, ta zaci wasa ne, don Baba akwai tsokana. Sai da ya kashe fitilar teburin sannan dariyar ta maƙale mata.

"Na gama, Auta. Ni mai gyaran keke ne, ba ɗan wasan kwaikwayo ba. Ki nemi wani."

Ya fita ya bar ta a ɗakin da wayarta tana ta ɗaukar zane.

Wanda bai san gidan ba zai ce mene ne abin damuwa, tsoho ya gaji da bidiyo, sai ya huta. To ba haka abin yake ba. Baba ya yi rayuwarsa kaf a shagon gyaran keken ɗinki, har ranar da ƙafa ta ƙi, likita ya ce zirga-zirgar kasuwa ta ƙare. Aka rufe shago, aka kwaso tarkacensa aka jibge a ɗakin baya. Shi kuma ya samu kujera a gaban talabijin ya zauna, zaman da ya kusa cinye shi. Ba ya magana, abinci sai an yi da gaske, mutumin da ke tsokanar kowa ya koma sai dai a ce "sannu Baba" ya ɗaga kai.

Auta malamar firamare ce, tana aure a can wani gefen gari. Wata rana kekenta ya dinga tsinka zare, ta kinkimo kansa ta kawo. Baba ya taɓa nan, ya murɗa can, yana yi yana faɗa wa keken magana kamar yaron da ya yi laifi. Ita kuma don nishaɗi ta ɗauka a waya ta ɗora a shafinta. Kafin kwana biyu teloli sun cika wurin da tambayoyi. Wannan kekensa na tsallake ɗinki, waccan nata na cukurkuɗe zare ta ƙasa. Ta karanta wa Baba, ya ce, "Kai, waɗannan za su kashe kekunan mutane. Kawo wayar."

Daga nan aka buɗe masa shafinsa, aka share ɗakin baya, aka sa tebur da fitila. Baba ya dawo cin abinci, ya dawo tsokana, har aski ya koma yi a kan lokaci saboda "mutanena za su gan ni". Ba wani tsari suke bi ba. In Auta ta samu sarari ta zo su ɗauka, sau ɗaya ko biyu a mako, ta ɗora duk lokacin da ta tuna.

Sai Auta ta shiga wani kwas a intanet, na yadda ake bunƙasa shafi. Mai kwas ɗin saurayi ne mai zaƙin baki, yana magana yana tafa hannu. Ya ce doka uku ce. A ɗora sau uku a rana. A ɗora lokacin hutun rana, da bayan tashi daga aiki, da kafin barci, don lokacin ne jama'a ke kan waya. Kuma kada a kuskura a tsallake rana ko ɗaya, in ba haka ba manhajar za ta manta da kai. Auta ta riƙe wannan magana gam, don ita mutum ce da in an ba ta doka sai ta ga ƙarshenta.

To ina za a samo gyaran keke sau uku kullum? Sai ta koma yanka gyara guda gida uku, ta ɗora kai da rana, ciki da yamma, ƙafafu da dare. Da wannan ma bai isa ba, sai a sa Baba ya ɗaga allura ya ce, "Wa ya san lambar wannan?" Ko a ɗauke shi yana shan shayi yana yi wa mabiya barka da yamma. Kullum ta tashi daga makaranta sai ta biyo, a gajiye, tana duba agogo. Wata biyu ana haka, Baba na haƙuri, har ranar nan da ya lulluɓe keke.

A ranar, a kicin Yaya ta tare Auta. Yaya ita ce babbarsu, ma'aikaciyar jinya, ita ke zaune da Baba ita da 'ya'yanta, kuma ba ta iya ɓoye magana ba.

"Kin huta? Kin mayar mini da tsoho kujera."

"Yaya, don shi nake yi fa. In muka rage, shafin zai mutu, in shafin ya mutu kin san inda zai koma."

"Ai ya riga ya koma, leƙa falo ki gani." Ta juya tana wanke kofi da ƙarfin da kofin bai yi laifin komai ba. "Shi wannan mai tafa hannun, ya taɓa ganin shafin Baba?"

"A'a. Amma dokar ta kowa ce."

"Ta kowa? Mu ko ƙwayar ciwon kai ba ma ba mutum sai mun tambaye shi. Ke kin tambayi mutanen Baba? Ko sai wani can da bai san allura daga ƙusa ba ya gaya miki lokacin da suke kallo?"

Haushi ya kama Auta, irin haushin da ake ji in mai gaskiya ya faɗe ta da tsawa. Da za ta fita ta leƙa falon. Baba na kujerar nan, talabijin na ta surutu, idonsa na kai amma ba kallo yake ba. Ta san wannan zaman.

Washegari a makaranta, lokacin hutun tara, malamai na ta hira a ofis, ita ta koma lungu kusa da taga ta buɗe sashen alƙaluma na shafin. Tana shiga wurin a da, amma iyakarta ta ga adadin mabiya ta fito. Yau ta zauna masa.

Abu na farko da ta gani har ya sa ta gyara zama. Zanen da ke nuna lokacin da mabiya suke kan manhajar ya yi tudu da yamma zuwa dare. Ta duba ta tabbatar awannin da agogon garinsu aka lissafa, ba na wata ƙasa ba, ta ga haka ne. To ai ga shi, mai kwas bai yi ƙarya ba! Har ta fara shirya abin da za ta gaya wa Yaya.

Sai dai zanen cewa ya yi suna kan waya, bai ce Baba suke kallo ba. Ita kanta da dare tana kan waya, tana kwance tana ture abubuwa da yatsa, in aka tambaye ta da safe me ta gani ba za ta iya kawo biyu ba. Sai ta bar zanen, ta shiga bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Na yamma da na dare mutane na ganinsu, ba laifi, amma yawancinsu 'yan daƙiƙoƙi suke yi su wuce, tun Baba bai kai ga kwance ƙusa ta farko ba. Jimillar kallo a mako ta ƙaru a wata biyun nan, wannan gaskiya ne, kuma ita ce ta riƙa ruɗinta. Amma masu adana bidiyo don su dawo masa sun ragu, masu tura wa wasu sun ragu, tambayoyin teloli da suka fara tayar da Baba daga kujera sun koma tsilli-tsilli. Ga kuma wani layi da ba ta taɓa kula da shi ba, na waɗanda suka daina bin shafin. Tun makon da aka fara shan shayi a gaban kyamara yake hawa.

Ta jera bidiyoyin bisa yawan masu adanawa. Waɗanda suka hau sama yawancinsu na da ne, gyara cikakke daga farko har ƙarshe. A cikinsu akwai 'yan kaɗan da suka fi kowa yawan waɗanda suka kalla har ƙarshe, da ta duba lokacin ɗora su sai ta ga duk da sassafe ne. Ta tuna yadda aka yi. Ranakun da intanet ya ƙi da dare ne, ko barci ya sace ta, ta tashi da safe tana jin haushin kanta ta ɗora kafin ta fita makaranta. Ashe ranakun da take ganin ta yi sakaci su ne suka fi.

Ta miƙe da niyyar kiran Yaya, sai ta koma ta zauna. Malama ce, ta san ba a yanke wa yaro hukunci da jarrabawa ɗaya. Na safen nan ba su da yawa, kuma duk gyara ne mai kyau. Wa ya sani ko kyan gyaran ne ya ɗaga su, ba safiyar ba? In ta ɗauki "safe" ta mayar doka yau, me ya raba ta da mai tafa hannu?

A wayarta akwai sauran gyare-gyare shida da ba ta kai ga yankawa ba. Ta yanke shawara za ta sake su yadda suke, cikakku, biyu a mako, ɗaya da safe ɗaya da yamma, tana musanya ranakun don kada rana ta ruɗe ta. Manhajar na da wurin da ake saita bidiyo ya fita da kansa a lokacin da aka zaɓa, don haka ko tana gaban allo zai fita.

Da yamma ta je gidan Baba. Ta durƙusa gefen kujerar ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na yi laifi, ka yi haƙuri. Ba ɗauka na zo yi ba." Ta gaya masa abin da ta gani, a taƙaice, don ta ga ba ya son dogon zance.

Bai dube ta ba ya ce, "Da kin tambaye ni ai da na gaya miki. Tela da rana yake hutawa. Da rana za ki sa."

"Baba, na ranar su suka fi kowanne faɗuwa."

Ya juyo. "Ƙarya ne."

Ta nuna masa. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya daɗe yana duban 'yan gajerun sandunan alƙaluman.

"To telolin yanzu ba sa hutawa ke nan," ya ce, ya miƙa mata abarta. "Ko kuma ci suke da hannu biyu."

Yaya da ke bakin ƙofa ta ƙyalƙyale da dariya. Baba bai yi ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Zanen kuwa yana nan a kan keke, bai ce a ɗage ba.

Makonnin nan uku Auta ta sha wuya. Ranar farko da ba a ɗora komai ba, hannunta har ƙaiƙayi yake, maganar mai kwas na yi mata yawo a ka: za a manta da ku. Ta duba alƙaluma a aji, ta duba a mota, ta duba tana girki har miya ta kama. Mijinta ya ce in dai wayar ce za ta riƙa yi musu girki, gara a sanar da shi ya san wa zai gode wa. Jimillar kallo ta sauka, kamar yadda ta zata. Amma shafin bai mutu ba. A wurin da ke nuna ta inda masu kallo suka shigo, ta ga da yawa nema suke yi da kansu, su rubuta matsalar kekensu su faɗo kan tsohon bidiyon Baba, wasu kuma abokan sana'a ne suka tura musu. Layin masu ficewa ya kwanta.

Ba ta daina zuwa gida ba, sai dai ba kullum ba, don kunya take ji, kuma ganin Baba a kujerar nan na karya mata zuciya. Yaya ta ce cin abincinsa ya fara ja da baya. Ranar da ta faɗa mata haka a waya, Auta ta shiga banɗakin malamai ta yi kukanta ta wanke fuska.

Da na shidan ya kwana biyu da fita, ta zauna ta gwada su. Na yamma sun ɗan fi yawan waɗanda suka gani. Na safe kuwa, duka ukun, sun fi yawan masu kallo har ƙarshe, sun fi masu adanawa, tambayoyi kuma a ƙarƙashinsu suka taru. Bambancin ba na a-zo-a-gani ba ne, amma duka ukun gefe ɗaya suka nuna, kuma ya yi daidai da na da. Dalilin ma ba ta sha wahalar nemansa ba, wata tela ta rubuta shi da kanta: "Ni da safe nake kallon Baba in na buɗe shago, keken na gabana, yana yi ina yi. Da dare ina gida, me zan kwance?"

Auta ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har malamin lissafi da ke kusa ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya ƙalau, rabonta da lafiya irin wannan an jima.

Ta isa gida da la'asar, wayar na cikin jaka. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba.

"Baba, mutanenka sun ba da amsa. Sau biyu a mako ya ishe su, da safe, gyara cikakke. Ba shayi, ba 'kada ku wuce'. Ranar da ba ni da makaranta mu ɗauki biyun a zama ɗaya, in saita su, su fita da kansu. Duk wata zan duba, in abin ya canza mu canza."

"Shi malamin naki mai tafa hannu ya yarda?"

"Ba shi da keke, Baba."

Ta ciro wayar a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi.

"Akwai wani da ya yi tambaya tun shekaranjiya, ba wanda ya iya ba shi amsa. Ya ce kekensa na ɗinka yadi mai kauri lafiya lau, amma in ya sa marar nauyi sai ya tattare shi. Wani ya ce masa ya ƙara ɗaure zaren sama."

"Ya ƙara ɗaurewa?" Baba ya zabura. "Wane mugun ne ya ce haka? Ai sassautawa zai yi! Ya sa siririyar allura, ya rage tsawon ɗinkin, ya duba ƙafar kada ta danne yadin da yawa. Rubuta masa. A'a, tsaya, ba zai gane ba, wannan sai an nuna. Ina sandata?"

Yaya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ga tsoho ya nufi ɗakin baya yana faɗa da wani tela da bai taɓa gani ba. Ta dubi Auta, ta ɗaga ido sama, ta koma ciki ba ta ce komai ba, wanda a wurin Yaya babban yabo ne.

Baba ya yaye zanen, ya kunna fitila, ya hure ƙurar da ta taru. Auta na kafa wayar. Ya zare zaren sama, ya tsaya, bai ɗago ba.

"Sau biyu a mako, kika ce."

"Eh, Baba. Ka huta."

"To." Ya juya ƙaramar ƙusa a tsakanin yatsunsa. "Ke ma sau biyun za ki riƙa zuwa ke nan? Ko sau ɗaya, tunda a zama ɗaya za a ɗauka."

Auta ta tsaya cak. Wata biyu mutumin nan yana ɗaga allura yana tambayar lambarta, yana yi wa waya murmushi da kofin shayi, abin da ya tsana, ita kuma tana ganin don shafi yake jurewa. Ba alƙaluman da za su nuna mata wannan. Idonta ya ciko.

"Kullum zan zo, Baba. Wayar ce za ta riƙa zama a jaka."

Ya gyaɗa kai, ya ja majina kamar mai mura, ya gyara tabarau.

"To matso da fitilar nan," ya ce. "Kin tsaya mini a haske."